Yadda ake lissafin yawan samfur a binciken al'umma idan za a ɗebi mutane rukuni-rukuni

Yawancin takardun neman izinin bincike da nake dubawa a Zariya suna zuwa da lamba ɗaya: 384. Wani lokaci a ƙara mata kashi goma ta koma 422, a rufe babi. Wannan lamba daidai take, amma ga mai jerin sunayen kowa da kowa a hannu, wanda zai jefa ƙuri'a ya zaɓi mutum ɗaya-ɗaya daga ko'ina cikin gari. A binciken gida-gida ba mai irin wannan jeri. Abin da muke yi shi ne mu zaɓi unguwanni, mu shiga kowace mu ɗebi mutane da dama waɗanda suke maƙwabtan juna. Kowace unguwa da aka zaɓa ita ce rukuni. Da zarar ka yi haka, lissafin ya sauya.

Misalin da zan bi daga farko har ƙarshe shi ne: kashi nawa na yara 'yan wata 12 zuwa 23 a Ƙaramar Hukumar Zariya suka samu allurar Penta ta uku, wadda ake yi wa jariri a mako na 14. Lambobin da na ce "a ce" a gabansu na misali ne, kai za ka sa naka.

Abin da za ka tanada

Kalkuleta mai iya fitar da tushen murabba'i, ko Excel; ta waya ma ta isa. Sai tambayar bincikenka guda ɗaya tak a rubuce, wadda amsarta kaso ce cikin ɗari. Sai rahoton wani bincike na baya a kan abin da kake nema, ko na manyan binciken gida-gida na ƙasa, wato NDHS na 2018 ko MICS na 2021, ko kundin wani ɗalibi da ya riga ka a Jami'ar Ahmadu Bello. Sai jerin ƙananan yankuna da kiyasin jama'ar kowanne: yankunan ƙidaya na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa su ne suka fi, in ba su samu ba ka nemi jerin unguwanni da ƙauyuka da masu rigakafi suke aiki da shi a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Na ƙarshe, ka san gaskiyar aljihunka: ma'aikata nawa, kwana nawa, abin hawa nawa. Idan kana da manhajar Epi Info ko za ka iya buɗe shafin OpenEpi, za su yi amfani wajen tabbatar da amsa, amma da hannu za mu fara.

1. Tsayar da wanda kake ƙirgawa, da yankin da kake son sakamako a kansa

A misalinmu yaro muke ƙirgawa, ba gida ba, ba uwa ba. Kuma sakamako ɗaya muke so ga ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Wannan na biyu shi ne wanda ake tsallakewa, sai an gama aiki wani ya ce, "To, ya Kwarbai take idan aka kwatanta da Dambo?" Samfurin da aka lissafa don ƙaramar hukuma ba zai ba da amsa mai ƙarfi ga kowace mazaɓa ba. Zariya tana da mazaɓu 13, saboda haka mai son lamba ga kowace mazaɓa da inganci iri ɗaya sai ya ninka duk abin da za mu samu a ƙasa sau 13. Gara ka san haka tun yanzu, ka faɗa wa wanda ya sa ka aikin.

2. Zaɓi lambobi uku na farko

Ta farko ita ce p, wato kason da kake tsammanin samu. A ce binciken baya ya nuna kashi 40 cikin ɗari na yara sun samu Penta ta uku. P ta zama 0.4. Idan ba ka da komai a hannu, sa 0.5, domin ita ce take ba da samfur mafi girma, ba za ka yi ƙasa da buƙata ba. Kada ka ɗauki alƙaluman da asibitoci suke turawa duk wata a matsayin p. Ana raba su ne da kiyasin jama'a da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, har wani lokaci su wuce ɗari bisa ɗari. Idan ka sa 0.9 alhali gaskiya tana kusa da 0.4, samfurinka zai fito ƙarami ƙwarai.

Ta biyu ita ce d, tazarar kuskuren da za ka iya haƙuri da ita. Idan d maki 7 ce kuma ka samu kashi 40, kana cewa gaskiya tana tsakanin 33 da 47. Ba doka ba ce sai an sa 5. Tambayi kanka: wace shawara za a yanke da wannan lamba? Idan ana son a san ko an kusa kashi 80 da ake buri ko kuwa da sauran tafiya mai nisa, 33 zuwa 47 ta amsa tambayar sarai. Idan kuwa za a maimaita binciken baɗi don a ga ko an ƙaru da maki biyar, 7 ba za ta yi ba, kuma wannan ma wani lissafi ne daban, na kwatanta kaso biyu. A nan mun ɗauki 0.07.

A kula da abu mai ƙaranci. Idan abin da kake nema kashi 4 ne kacal, tazarar maki 5 ba ta da ma'ana, domin ƙasan tazarar ya faɗa ƙasa da sifili. A irin wannan hali kada d ta wuce rabin p.

Ta uku ita ce Z, kuma ga matakin amincewa na kashi 95 ita ce 1.96. Bar ta haka.

3. Lissafa samfurin tushe

Wannan shi ne adadin da za ka buƙata da a ce ƙuri'a za ka jefa a kan kowane yaro shi kaɗai:

```
n0 = Z^2 * p * (1 - p) / d^2
n0 = 3.8416 * 0.4 * 0.6 / 0.0049 = 188.2
```

Ana ɗaga shi sama koyaushe, ya zama 189. A Excel:

```
=ROUNDUP(1.96^2*0.4*0.6/0.07^2,0)
```

Kuskuren da aka fi yi a nan na rubutu ne: a sa p a matsayin 0.4, a sa d a matsayin 7, ko kuma a sa 40 da 60 a bar d a 0.07. In ka ga amsa ta fito ƙasa da ɗaya, ko ta kai miliyoyi, wannan ne dalili. Ka kuma lura da yadda d take da tsada. Da mun sa maki 5, da 369 muka samu. Da maki 10, da 93. Duk sanda ka rage tazarar da rabi, samfur ya ninka sau huɗu.

4. Tasirin tsari: abin da ɗiba rukuni-rukuni yake jawowa

Mai sayen masara a kasuwar Sabon Gari idan yana son sanin ingancin buhu ɗari, ba ya soka buhu ɗaya sau hamsin. Sukar farko da ta biyu sun gaya masa abin da ke cikin wannan buhu, sauran duk maimaici ne. Gara ya soki buhu hamsin sau ɗai-ɗai.

Yaran unguwa ɗaya haka suke ta fuskar rigakafi. Asibiti ɗaya iyayensu suke zuwa, nisansu da shi ɗaya. Idan ma'aikaciyar wurin mai haba-haba ce, duk sun amfana. Idan allura ta yanke wata biyu, duk ta shafe su. Mai unguwa ɗaya gare su, malamin da suke saurara ɗaya, jita-jitar da ta shiga gida ɗaya kafin magariba ta zaga layin. Saboda haka idan ka duba katin yaro na farko ka ga bai kammala ba, ka riga ka san wani abu game da na biyu. Yaro na bakwai a layi ɗaya bai kawo maka sabon bayani kamar yadda yaro daga Wuciciri zai kawo ba.

Ana auna wannan kamanceceniya da lamba da ake rubutawa ICC ko roh. Sifili na nufin yaran rukuni ɗaya ba su fi kama da juna ba fiye da yadda suke kama da sauran yaran gari. Ɗaya na nufin duk yaran rukuni amsarsu ɗaya ce. Daga ita ake fitar da tasirin tsari, wanda za ka gani a manhajoji da sunan DEFF. Leslie Kish ne ya yaɗa wannan ƙa'ida a 1965:

```
DEFF = 1 + (m - 1) * ICC
```

A nan m ita ce matsakaicin yawan yaran da za ka samu a kowane rukuni. DEFF tana gaya maka sau nawa za ka ninka samfurin tushe kafin ka samu ingancin da ƙuri'ar kai-tsaye za ta ba ka.

Dubi ƙa'idar da kyau: DEFF ba lamba ba ce da take zaune a kan cuta ko a kan gari. Ta dogara ga m, kuma kai ne kake zaɓar m. Shi ya sa rubuta "an yi amfani da 2" ba tare da faɗin yara nawa za a ɗauka a rukuni ba bai cika lissafi ba. Wannan 2 ɗin ta samo asali ne daga tsohon tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na rukuni 30 da yara 7 a kowanne, jimilla 210. An gina shi a kan p ta 0.5 da tazarar maki 10, wanda ya ba da 96, aka ninka biyu, aka cike zuwa 210. Biyun nan ta yara bakwai ce a rukuni. Wanda ya ɗauke ta ya ɗora a kan yara arba'in a rukuni ya yaudari kansa.

5. Samo ICC

Hanya mafi kyau ita ce ka juya ƙa'idar baya daga binciken da ya gabata. A ce ka samu rahoton da ya ɗauki yara 7 a rukuni, ya kuma ce DEFF ɗin Penta ta uku ta fito 2.2:

```
ICC = (DEFF - 1) / (m - 1) = (2.2 - 1) / (7 - 1) = 0.2
```

ICC ita ce abin da ake ɗauka daga bincike zuwa bincike, ba DEFF ba. Da ita za ka iya lissafa taka DEFF ga kowace m da ka ga dama.

Akwai tarko a rahotannin NDHS. Teburan kuskuren samfur da ke ƙarshen rahoton suna ba da DEFT ne, ba DEFF ba, kuma DEFT tushen murabba'in DEFF ce. In ka ga 1.5 a can, sai ka ninka ta da kanta, ta zama 2.25. Kuma m da za ka yi aiki da ita ba yawan gidajen rukunin ba ce, yawan yara 'yan wata 12 zuwa 23 ne da aka samu a rukuni, wanda ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Idan babu rahoton baya, littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 kan binciken rigakafi ya ba da shawarar a yi tsari da 1/3 ga rigakafin yau da kullum, 1/6 kuma ga binciken bayan gangami. An ɗaga su da gangan don kada a gaza. Ga wasu batutuwa, ka yi tunani a kan abin da unguwa take tarayya a kansa. Tushen ruwan sha, irin makewayi, wutar lantarki, rabon gidan sauro: ICC ɗinsu babba ce, domin rijiya ɗaya ko famfo ɗaya unguwa take sha. Abin da ya fi danganta da jikin mutum, kamar hawan jini, tasa ƙarama ce, sau da yawa ƙasa da 0.05. Idan bincikenka yana da manyan tambayoyi biyu ko uku, lissafa wa kowacce, ka ɗauki mafi girma.

6. Zaɓi girman rukuni da yawan rukunoni

Yanzu muna da 189 da ICC ta 0.2. Mu gwada m daban-daban:

```
m = 5    DEFF = 1.8   n = 341   k = 69
m = 7    DEFF = 2.2   n = 416   k = 60
m = 10   DEFF = 2.8   n = 530   k = 53
m = 20   DEFF = 4.8   n = 908   k = 46
```

n ita ce 189 sau DEFF, k kuma yawan rukunoni, wato n a raba da m. Duk layukan nan huɗu inganci ɗaya suke bayarwa, maki 7 sama ko ƙasa. Daga yara 7 zuwa yara 20 a rukuni, ka ƙara wa kanka tambayoyi kusan 500, abin da ka rage kuwa rukuni 14 ne kawai. Har ma akwai iyakar da ba ta ƙetaruwa: ninka 189 da 0.2, za ka samu kusan 38. Da ƙasa da rukuni 38, ko yara nawa ka ɗauka a kowanne, ba za ka kai maki 7 ba.

Na zaɓi rukuni 60 da yara 7, jimilla 420. Dalili na aiki ne: tawaga ɗaya tana iya gama rukuni irin wannan a yini guda, tawaga huɗu ke nan kwana 15. A cikin birni, inda daga Kaura zuwa Limancin Kona tafiyar 'yan mintoci ce, ƙara yawan rukunoni ba ya da tsada, har m ta 5 za ta yi. A wajen Dutsen Abba ko Dambo da damina, isa wurin shi ne aikin, sai mutum ya so ya ɗan ƙara m.

Ga tsarin da na fi gani a kundin ɗalibai, wanda kuma ya fi ɓarna: a jefa ƙuri'a a zaɓi mazaɓu 4 cikin 13, a raba 420 a kansu, kowace 105. A takarda jimillar ta yi daidai da tamu. Amma yanzu rukunoninka huɗu ne, m kuma 105. Ko da mun ce kamanceceniya a matakin mazaɓa ba ta wuce 0.05 ba, DEFF ta zama 1 + 104 × 0.05, wato 6.2, darajar yaran 420 kuma ta koma ta yara 68. Ko an yi rangwamen cewa 4 cikin 13 kaso ne mai tsoka, ba za ta kai ta yara 100 ba. Idan ƙuri'a ta faɗa wa mazaɓun cikin ganuwa zalla, ko na karkara zalla, ba lissafin da zai gyara. Mazaɓu 13 ba su da yawan da za a zaɓi wasu a bar wasu. Shiga dukkansu, ka zaɓi ƙananan yankuna a cikin kowace.

7. Ƙara na waɗanda ba za a samu ba, ka mai da yara gidaje

Wata uwa ta tafi biki, wata ta je unguwa da yaron, wani maigida ya ce ba a shiga sai ya dawo. A ce kana sa ran samun 9 cikin 10. Ana rabawa ne da 0.9, ba a ƙara kashi goma: 416 a raba da 0.9 ya ba da 463. Da ka ƙara kashi goma da ka samu 458, wanda idan kashi goma suka faɗi zai bar ka ƙasa da 416. Bambancin kaɗan ne a nan, amma idan rashin samu ya kai kashi 25 ko 30 sai ya yi girma. Ka kuma sani wannan ƙari yawan kawai yake cikewa. Idan gidajen da suke ƙin amsawa su ne gidajen da suke ƙin allura, sakamakonka zai fito sama da gaskiya ko yara dubu ka tambaya. Maganin wannan shi ne mata masu tambaya, ɗan rakiya daga mai unguwa, da komawa gida sau biyu ko uku a lokuta daban-daban.

Ma'aikatanka ba yara za su zaɓa ba, ƙofofi za su ƙwanƙwasa, don haka dole ka gaya musu iyali nawa. A ce matsakaicin iyali mutum 6 ne, kuma 'yan wata 12 zuwa 23 kashi 3.5 ne na jama'a. Kowane iyali ke nan yana da yaro 0.21, kusan yaro ɗaya a iyali biyar:

```
7 / (0.21 * 0.9) = 37.04
```

Iyali 38 a kowane rukuni, 2,280 a rukunoni 60. Wannan ita ce lambar da za ta gaya maka ainihin nauyin aikin, ba 420 ba. Idan kana shakkar 6 da 3.5 ɗin, ɗauki yini guda ka ƙirga iyali hamsin a unguwar da ba ta cikin zaɓi, ka ga yara nawa suka faɗo.

A Zariya sai an bambance gida da iyali. Zaure ɗaya a cikin birni yana iya kai ka ga magidanta biyar ko shida, kowa da sashensa da tukunyarsa. Iyali su ne masu ci daga tukunya ɗaya, kuma su ake jerawa. Idan tawaga ta shiga babban gida ɗaya ta cike yaranta bakwai a nan, 'ya'yan wa da ƙane, jikokin kaka ɗaya wadda ita ce mai cewa a kai ko kar a kai, to ICC ta wuce 0.2 da muka yi lissafi da ita. Saboda haka a fara jera iyalan rukunin duka, a zaɓi 38 da tazara daidai, misali kowane na uku, a ziyarce su duka. Rukuni ɗaya zai ba da yara 5, wani 10, ba laifi. Tsohuwar dabarar juya kwalba a tsakiyar unguwa, a bi gida-gida har a cika bakwai a tsaya, tana fifita gidajen bakin hanya da na kusa da ƙofar mai unguwa, kuma jagoran 2018 ya bar ta.

8. Gyaran ƙaramar al'umma: yaushe ake yi

Idan samfurinka babban kaso ne na duk mutanen da ake magana a kansu, ana iya rage shi:

```
nf = n / (1 + n / N)
```

N a nan yawan yara 'yan wata 12 zuwa 23 ne, ba yawan jama'ar gari ba. A ce jerinka ya nuna mutum 600,000, kashi 3.5 ɗinsu yara 21,000 ne, 416 kuwa kashi 2 ne kacal na wannan. Ƙasa da kashi 5, bar gyaran. Yana da amfani ne idan, misali, ƙauye ɗaya kake bincike mai irin waɗannan yara 300. Amma a wuri irin wannan ba ka buƙatar rukunoni tun farko: jera yaran duka ka jefa ƙuri'a, DEFF ta koma 1.

9. Zaɓi rukunonin gwargwadon girmansu

Lissafin da muka yi ya ɗauka cewa kowane yaro yana da damar shiga iri ɗaya. Don haka unguwa mai mutum 8,000 dole ta fi mai 800 damar fitowa. Jera yankunan mazaɓa bayan mazaɓa: na cikin birni a jere, sannan Tudun Wada da Gyallesu da Tukur Tukur, sannan na karkara. A gefen kowanne rubuta yawan jama'arsa, a wani layin kuma ka riƙa tarawa. Raba jimilla da 60. A misalinmu 600,000 ya ba da tazarar 10,000. Zaɓi lambar farawa tsakanin 1 da 10,000:

```
=RANDBETWEEN(1,10000)
```

A ce ta ba da 3,750. Yankin da tarin jama'a ya kai 3,750 a cikinsa shi ne rukuni na ɗaya, sai 13,750, sai 23,750, har 60. Rubuta lambar farawar nan take, domin Excel yana sauya ta duk sanda ka taɓa wani abu. Jerawa bisa mazaɓa tana sa rukunonin su bazu ko'ina da kansu. Unguwar da ta fi tazarar girma za ta iya fitowa sau biyu. Raba ta kashi-kashi da tituna ko kwalbati, ka jefa ƙuri'ar kashi biyu. Kada ka sauya rukunin da ya fito saboda nisa ko laka. Waɗannan wuraren ne galibi allura ba ta kaiwa, cire su kuwa cire amsar ne.

10. Idan kuɗi bai kai ba, juya lissafin

Kada ka rage DEFF a takarda don lamba ta yi daidai da aljihu. Fara daga abin da za ka iya, ka lissafa tazarar da zai ba ka. A ce rukuni 40 kawai za ka iya zuwa, da yara 10 a kowanne, yara 400 ke nan da DEFF ta 2.8. n_eff ita ce darajarsu da a ce an zaɓe su ɗaya-ɗaya:

```
n_eff = 400 / 2.8 = 143
d = 1.96 * SQRT(0.4 * 0.6 / 143) = 0.080
```

Maki 8 ke nan maimakon 7. Rubuta haka a takardarka, kwamitin da zai duba ya san abin da za a samu. Rukuni 30 da yara 14 kuwa, duk da jimillarsu 420 ce kamar tamu, kusan maki 9 suke bayarwa. Ƙasa da rukuni 30 ba na ba da shawara, domin a nan 1.96 ɗin kanta ta fara gazawa, ainihin tazarar ta fi wadda ka lissafa faɗi.

Don tabbatarwa, buɗe StatCalc a Epi Info ka shiga Population Survey. Sa 21000 a Population size, 40 a Expected frequency, 7 a Acceptable margin of error, 2.2 a Design effect, 60 a Clusters, ka karanta layin 95%. Zai ba ka yara 7 a rukuni. Idan jimillar wata manhaja ta bambanta da taka da 'yan yara kaɗan, gyaran ƙaramar al'umma ne da take yi da kanta.

11. Kada rukuni ya ɓace wajen nazari

Kowace takardar tambayoyi ta ɗauki lambar rukuninta, 1 zuwa 60. Idan kana aiki da waya, sa wannan fili ya zama dole kafin a wuce gaba. Ba tare da ita ba manhaja za ta ɗauki yaranka 420 kamar an zaɓe su ɗaya-ɗaya, ta ba ka tazarar ƙasa da maki 5 alhali gaskiyarta 7 ce, ta kuma nuna maka bambance-bambancen da babu su tsakanin 'ya'yan masu boko da na marasa boko. A Epi Info yi amfani da Complex Sample Frequencies, ka sa lambar rukuni a PSU. A Stata:

```
svyset cluster [pweight=wt]
svy: mean penta3
estat effects
```

cluster lambar rukuni ce, penta3 amsar tambayar allurar ce, wt kuma nauyin kowane yaro ne a lissafi, wato yara nawa yake wakilta. Ana buƙatarsa idan jerin iyalan da ka yi a fili ya saɓa da kiyasin da ka zaɓi rukuni da shi, abin da yakan faru a sababbin unguwannin gefen gari da suka cika bayan an yi jerin. Umarni na ƙarshe zai fitar da DEFF da ka samu a zahiri. Idan ta fito 3 maimakon 2.2, tazararka ta koma kusan maki 8, sai ka duba rukunonin ɗaya bayan ɗaya: galibi za ka tarar wasu kusan duk yaransu sun yi allura, wasu kuma ko ɗaya babu. Sa DEFF ɗin, da matsakaicin m, da ICC da ka fitar daga gare su a teburin sakamako kusa da kason Penta ta uku, tare da jerin rukunonin da ba a samu yaro ko ɗaya mai allura ba, domin sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya san unguwannin da zai fara aika tawaga.